Tarihina a rubuce ya cika noƙe-noƙe, yaya zan gyara shi ban yi ƙarya ba?

Tambaya: An nemi in turo taƙaitaccen tarihina. Ga abin da na rubuta: "Ni malamar lissafi ce da ke ƙoƙarin taimaka wa ɗalibai gwargwadon iyawata. Na ɗan taɓa shiga aikin shirya jarrabawa, kuma na samu damar ba da gudummawa wajen horar da sababbin malamai." Wata abokiyar aikina ta ce kamar haƙuri nake bayarwa. Ina matsalar take?

Malama, ɗauki biro ki ja layi a ƙarƙashin waɗannan: "ƙoƙarin", "gwargwadon iyawata", "ɗan taɓa", "samu damar", "ba da gudummawa". Guda biyar a jimla biyu, kuma kowanne ya tsaya ne a gaban aikinki ya tare shi. Wanda ya karanta ya san kina kusa da wurin da ake aiki, amma bai ga hannunki a ciki ba. "Na samu damar" ma ta fi sauran ɓarna, domin tana miƙa ladan ga wanda ya ba ki damar, ke kuma ta bar ki a matsayin wadda aka yi wa alfarma.

Gyaran yana farawa ne da tambayar kanki a kan kowace jimla: me na yi da hannuna, sau nawa, ga su wa? A ce amsoshinki su ne kin shekara 7 kina koyarwa a sakandare, ke ke tsara tambayoyin jarrabawar ƙarshen zango ta azuzuwa 3, kuma a horon sababbin malamai 12 ke kika ɗauki ɓangaren shirya darasi. Sai tarihin ya koma haka:

"Shekara 7 ke nan ina koyar da lissafi a sakandare. Ni ke tsara tambayoyin jarrabawar ƙarshen zango ta azuzuwa 3. Na koya wa sababbin malamai 12 yadda ake shirya darasi."

Ba a ƙara miki komai ba. "Koyar", "tsara" da "koya wa" ne suka hau kujerun da "ƙoƙarin", "shiga" da "ba da gudummawa" suka mamaye.

Tambaya: Ai an ce yabon kai jahilci ne. Wannan ba zai zama fariya ba?

Yabon kai shi ne ki yanke wa kanki hukunci, ki ce ke gogaggiya ce, haziƙa, wadda ba ta da na biyu. Faɗin cewa kin shekara 7 kina koyarwa kuwa labari ne, ana iya zuwa a tambaya a tabbatar. Shi ya sa nake roƙon masu gyaran tarihinsu kada su cire "na ɗan taɓa" su maye gurbinta da "ƙwararriya". Waɗannan manyan kalmomi kowa na iya liƙa wa kansa, don haka mai karatu ba ya ba su nauyi. Ba shi shekarun da aikin, shi zai ce ƙwararriya da bakinsa.

Tambaya: Horon nan mu huɗu muka yi shi. Zan iya cewa "na jagoranci horon"?

Idan ba ke kika raba aiki, kika tsara lokaci, kika ɗauki alhakin sakamakon ba, a'a. Nan ne mutane da yawa ke zamewa: suna gudun raunin magana, sai su ɗauko fi'ilin da ya fi ƙarfin aikinsu. "Na jagoranta", "na kafa", "na ƙirƙiro", kowanne da'awa ce mai iyaka, kuma akwai mutum uku da suka san gaskiyar abin da ya faru a wannan horo.

Ma'aunin da nake amfani da shi guda biyu ne. Na farko, za ki iya karanta jimlar a gaban waɗancan ukun ba ki sunkuyar da kai ba? Na biyu, idan mai yi miki intabiyu ya ce "ba mu labarin yadda kika yi", za ki iya bayani na minti biyu ba ki laluba ba? Fi'ilin da ya kasa tsallake ɗaya daga ciki, sauke shi. Ki taƙaita da'awar ta tsaya a kan rabonki, sannan ki faɗe ta ba rawar murya: "Ina cikin malamai 4 da suka gudanar da horon, ni na koyar da shirya darasi."

Haka ma lambobi. Idan ba ki riƙe adadin ba, kada ki ƙaga; ki ce "fiye da 10" in kin tabbata sun haura goma, ko ki bar adadin gaba ɗaya.

Tambaya: Na fara koyar da kwamfuta a 2024, ban ƙware ba tukuna. In ɓoye?

Kada ki ɓoye, kada kuma ki ce "ina ɗan taɓa kwamfuta". Rubuta shekarar da kika fara da ajin da kike ɗauka: "Tun 2024 nake koyar da darasin kwamfuta a aji ɗaya." Shekarar ta riga ta shaida wa mai karatu cewa sabon hannu ce ke a nan, ba sai kin nemi afuwarsa ba.