Shin dopamine sinadarin jin daɗi ne? Gyara kan wata tsohuwar fahimta

An daɗe ana cewa wai mai shaye-shaye daɗi yake bi, kuma dopamine, wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke fitarwa, shi ne sinadarin daɗin. Ba laifi ba ne a ɗauka haka, don farkon abin da daɗi yake farawa, amma zancen bai cika ba.

A ƙwaƙwalwa, kwaɗayin abu daban, jin daɗinsa daban. An gwada ɓerayen da aka rage wa dopamine sosai, suka daina neman abinci ko yana gabansu, amma da aka ɗiga musu ruwan sukari a baki sai ga su suna lasar leɓe kamar kullum. Wato daɗin na nan, neman ne ya mutu.

Wannan sinadari yana zuba ne a wani sashe can cikin ƙwaƙwalwa mai suna striatum, kuma idan abu ya maimaitu yakan koma zuba tun a kan alama, kamar warin hayaƙi ko ganin ashana, kafin ma a sha. Sannu a hankali ragamar tana matsawa daga ƙasan sashen zuwa samansa inda sabo yake zama, shi ya sa za ka ga hannu ya kai aljihu ya zaro sigari mutum bai ma yanke shawara ba, alhali daɗin ya ragu tuni. Wallahi abin tausayi ne.

Kana iya gwadawa da kanka, ko da waya ce. Kafin ka ɗauka ba wa kwaɗayin maki daga 1 zuwa 10, bayan ka gama ba wa daɗin nasa makin, ka yi kwana 7 ka duba ratar.

Don Allah a tura wa wasu su ma su karanta.