Waiwaye: daga ina takardar da banki ke nema in mutum ya rasu ta samo asali?

Duk wanda ya taɓa zuwa banki karɓar kuɗin mamaci ya san maganar, za a ce maka sai ka kawo leta of adiministireshan, wato takardar kotu ta izinin kula da dukiyar mamaci, ko da sunanka ne a wurin nes of kin. Abin daga Ingila ya taso. Da can kotunan coci ne ke riƙe da dukiyar wanda ya mutu bai bar wasiyya ba, wato kuɗi da kaya banda ƙasa, bishof ne ke juya ta yadda ya ga dama, masu bin bashi na ta kuka. A 1285 doka ta tilasta masa ya biya bashin mamaci, sannan a 1357 aka ce dole ya miƙa aikin ga makusantan mamacin, to takardar naɗin nan ita ce kakar wadda muke gani yau. Sai a 1857 aka ƙwace aikin daga coci aka ba kotun gwamnati, Turawan mulkin mallaka kuma suka taho mana da tsarin, shi ya sa har yanzu rajistirin furobet na babbar kotun jiha ne ke bayar da ita.

In akwai wasiyya da ta ambaci wasiyyi, furobet ake bayarwa, kotu ta tabbatar wasiyyar sahihiya ce kawai, ikon wasiyyin daga wasiyyar ya fito. In babu wasiyya kuwa ba wanda ke da ikon komai a idon banki sai kotu ta naɗa, bayan an kai takardar shaidar mutuwa, an lissafa kadarori, an kawo masu tsayawa, an buga a jarida ko akwai mai ƙorafi, an biya kaso na darajar dukiyar.

Inda ake yawan rikici shi ne mutane na ɗauka takardar mallaka ce. Sam. Abin da take tabbatarwa shi ne wane da wane ne kotu ta yarda su tattaro dukiyar su biya bashi su raba, kuma kadarar da ba a rubuta a ciki ba ba ta shiga, in wani asusun banki ya ɓullo daga baya sai an koma kotu.

A ce Musulmi ya bar naira miliyan 2.4 bayan an biya bashi, da mata ɗaya da uwa da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, babban ɗan ne sunansa ke takardar. Banki zai sakar masa kuɗin duka amma nasa 680,000 ne kacal, daidai da na ƙaninsa, ƙanwarsu 340,000, matar tumuni 300,000, uwa sudusi 400,000. Wannan lissafin ba ya cikin takardar ko kaɗan, aikin malamin gado ne ko kotun shari'a, kuma in yayan ya yi sama da faɗi da rabon wani, kotun da ta naɗa shi na iya soke takardar, a bi masu tsaya masa su biya.