Mene ne “zaɓin yanki” a gyaran hoto?

Zaɓin yanki shi ne shata iyaka a jikin hoto domin manhaja ta san inda aka yarje mata ta taɓa da inda aka hana ta. A Photoshop ana ajiye wannan iyaka a cikin abin da ake kira Layer Mask, inda fari yake bayyana gyara, baƙi kuma yake ɓoye shi.

A ɗauki misalin hoton ɗaurin aure a Fagge, inda abokai biyar suka jeru kafaɗa da kafaɗa, huɗu sanye da babbar riga, na tsakiya kuwa da kaftani. Idan launin kaftanin kawai ake so a canza, aikin ba wuya: a zagaye shi da Object Selection Tool, sannan a juya launin da Hue/Saturation.

Wahalar tana zuwa ne idan ana so a sanya masa babbar riga ta hanyar Generative Fill, kayan aikin da yake zana sabon abu da kansa a cikin yankin da aka zaɓa, wanda ya shigo Photoshop a 2023. Masu koyo sukan bi gefen kaftanin daidai wa daida, suna ganin hakan ne ƙwarewa, alhali manhajar ba ta zana komai a wajen iyakar da aka ba ta. Babbar riga ta fi kaftani faɗi nesa ba kusa ba, don haka sai ta fito a matse, kamar an ari ta ƙane. Abin da ya kamata a zaɓa shi ne wurin da sabuwar rigar za ta cika: daga wuya zuwa ƙasan gwiwa, haɗe da filin da ke tsakanin hannu da jiki, inda rigar take zubowa.

Daga nan sai a cire duk abin da yake gaban rigar daga cikin zaɓin, ta hanyar riƙe maɓallin Alt yayin zagayawa. Fuska da hula da agogo ba a cika mantawa da su ba. Abin da yake kuɓucewa shi ne hannun abokin da ya dafa kafaɗarsa, wanda in ya faɗa cikin zaɓin zai ɓace, ko yatsunsa su dawo a murɗe.

Gefe ma yana tona asiri. Idan zaɓin ya tsaya cif a bakin tsohon yadi, za a ga siririn layin tsohon launi a wuya, musamman in kaftanin mai duhu ne. Maganinsa shi ne a faɗaɗa zaɓin da 'yan fiksel ta Select > Modify > Expand, a kuma tausasa bakinsa kaɗan da Feather. A ganina gara tausasawar ta yi kaɗan da ta yi yawa, domin in ta zarce, launi zai malala kan shaddar maƙwabci. Kafin a buga, a zuƙo hoton zuwa 200%, a bi kafaɗun biyu da ido, a ga ko hasken sabuwar rigar yana fitowa daga ɓangaren da yake haska sauran huɗun.