Fashin baƙi kan ƙa'idar gano sankarar fata a tafin ƙafa da farce

Melanoma sankara ce da ke tasowa daga ƙwayoyin da ke ba fata launinta. A jikin Turawa ta fi fitowa a wuraren da rana ke duka, shi ya sa ƙa'idar ABCD ta duba siffa da gefe da launi da faɗin tabo, wadda likitocin Jami'ar New York suka fitar a 1985, ta karkata ga tabon da ke jikin fata mai haske. A jikin baƙar fata kuwa cutar ba ta da yawa, amma idan ta zo ta fi zama a tafin ƙafa da tafin hannu da ƙarƙashin farce, inda rana ba ta da hannu a ciki. Irinta ce ta fara wa mawaƙin Jamaika Bob Marley a yatsan ƙafa a 1977, ta yi ajalinsa a 1981.

Saboda wannan giɓi ne wasu masana a Birtaniya suka wallafa ƙa'idar CUBED a 2010, domin masu duba ƙafa su san lokacin da ya wajaba su tura mara lafiya wurin ƙwararren likita. Alamomi biyar ta tanada: tabon da launinsa ya saɓa da na fatar wurin, ciwon da aka kasa tantance ko mene ne, zubar jini ko tsattsafar ruwa a ƙafa ko ƙarƙashin farce, ƙaruwar ciwon duk da ana magani, da kuma rashin warkewa bayan wata 2. Idan biyu daga ciki suka haɗu, hukuncin ƙa'idar shi ne a tura.

A ɗauki misalin manomi ɗan shekara 55 da baƙin tabo ya fito masa a diddige. Da farko a shafe yake, gefensa ba a daidaite ba, wani sashe baƙi ƙirin, wani kuma ruwan ƙasa. Ya ɗauka ƙaya ce ta karye a ciki, ko kuma faso ne ya yi zurfi, sai aka ba shi man shafawa a kemis. Tun a nan alama ɗaya ta tabbata, wato launi. Bayan wata 3 tabon ya faɗaɗa, tsakiyarsa ta tasa, yana ɓata safa da jini, ga shi bai warke ba. Alamomi huɗu ke nan, alhali biyu sun wadatar. Rashin zafi bai kamata ya kwantar masa da hankali ba, domin wannan sankara kan daɗe ba ta ciwo. Idan kaluluwa mai tauri ta fito masa a matsematsi, akwai yiwuwar cutar ta riga ta bar diddige.

A ganina alama ta biyu ce mafi hikima a cikin biyar ɗin, domin ta sa rashin tabbacin ma'aikacin lafiya ya shiga lissafi. Wata melanomar ba ta da baƙi ko kaɗan, jajaja take kamar tsiron nama, kuma a ƙafar mai ciwon suga ana iya yi mata wanki da ɗauri wata da watanni da sunan gyambo.

Batun farce yana buƙatar natsuwa, domin baƙaƙen fata da yawa suna da siraran layuka masu duhu a farata da dama, kuma wannan ba cuta ba ne. Abin tuhuma shi ne layi a farce ɗaya tak, musamman babban yatsan hannu ko na ƙafa, wanda faɗinsa ya kai milimita 3, yana ƙara faɗi, ko baƙin ya malalo kan fatar gindin farcen. Jinin da ya taru bayan tuntuɓe yana tafiya gaba tare da tsiron farce har ya fita, layin sankara kuwa yana nan daga gindi zuwa baki.

Ƙa'idar ba ta yanke hukuncin cewa sankara ce, kuma ba doka ba ce da ta hau kan asibitocinmu. Tabbaci sai an yanko naman an duba shi a ɗakin gwaje-gwaje, inda ake auna zurfinsa. Wanda bai kai milimita 1 ba galibi tiyata kan raba mutum da shi, wanda ya haura milimita 4 kuwa hatsarin yaɗuwarsa babba ne. Don haka ƙona tabon ko kai shi wurin wanzami yana lalata abin da za a auna, ya kuma bar saiwar a ciki.

Akwai wata sankarar fatar da ta fi melanoma yawa a jikin baƙar fata, wadda ke tasowa a tsohon tabon ƙuna ko gyambon da ya shekara ba ya rufewa. Bakin ciwon kan yi kauri ya juyo waje, yana wari, yana jini da an taɓa shi. Zabaya kuma irin wannan sankara kan kama su a fuska da wuya da kunne saboda rana, tun suna matasa, kuma duk miki ko ɓawon da ya ƙi warkewa a waɗannan wurare ya cancanci likita ya gan shi ba tare da an jira wata 2 ba.