Kayan Amana a Hannun Dillali

Kayan amana su ne hajar da ɗan kasuwa yake aika wa dillali don ya sayar a madadinsa, ya ɗauki la'ada. Ko da kayan sun bar rumbun mai su, mallaka ba ta tashi ba, shi ya sa ba a rubuta ciniki ranar da mota ta tashi, sai ranar da dillali ya sayar. A Nijar, tsarin lissafi na SYSCOHADA, wanda sabon fasalinsa ya fara aiki a 2018, ya ware wa irin wannan haja asusu mai lamba 387.

A ɗauka wani ɗan kasuwa a Tawa ya sayi albasar Galmi buhu 200, kowane a kan sefa 15,000, ya biya 300,000 kuɗin mota zuwa Yamai. Idan ya ɗora kuɗin motar a kan kayan, kowane buhu ya tsaya masa 16,500, jimla 3,300,000, kuma wannan adadi ne yake fitarwa daga asusun haja, wato 31, ya mayar cikin 387. Babu riba, babu bashi a kan dillali tukuna.

Bayan mako uku sai takardar bayanin ciniki ta iso daga kasuwar Katako: an sayar da buhu 150 a kan 22,000, wato 3,300,000, dillali ya cire la'adarsa ta kashi 5 cikin ɗari, 165,000, da 35,000 na ƴan dako da ajiya, ya turo 3,100,000. Mai kaya zai rubuta 3,300,000 cif a kiredin asusun ciniki, 701, sannan a ɓangaren debi ya sa 3,100,000 a asusun banki, 165,000 a asusun la'ada, 632, da 35,000 a na ɗawainiya. Idan kuɗin bai iso ba, ana rubuta shi bashi a kan dillali. Sai rubutu na biyu, wanda aka fi mantawa da shi: a fitar da 2,475,000, kuɗin da buhu 150 suka ci, daga 387 zuwa asusun canjin haja, 603. Riba ta kama 625,000, kuma buhu 50 da suka rage a Yamai suna nan a littafinsa a kan 825,000.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne rubuta abin da ya shigo hannu kawai a matsayin ciniki. Ribar ba ta canzawa, amma ciniki ya ragu, la'ada ta ɓace, kuma ana gane haka idan aka ninka buhunan da farashi aka ga bai yi daidai da littafi ba. Albasa kuwa tana ruɓewa tana ramewa, don haka a ƙarshen shekara sai an ƙirga abin da ke wurin dillali. In buhu 10 sun lalace ba da sakacinsa ba, asarar 165,000 ta mai kaya ce.