Madadin ƙwai a kek

Madadin ƙwai shi ne duk abin da ake zuba wa kwaɓin kek don ya yi aikin ƙwai in babu shi. A Zariya buƙatar hakan takan taso gab da Sallah, lokacin da masu kek da cincin ke wawashe kiret-kiret a Kasuwar Sabon Gari da ta Samaru, da kuma a tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke rage wa kaji yin ƙwai.

Ƙwai ɗaya ba tare da ɓawo ba nauyinsa wajen giram 50 ne, kusan kashi uku cikin huɗu kuma ruwa ne. Yana jiƙa fulawa, yana daskarewa a wuta ya riƙe jikin kek, yana kama iska in an buga shi, kwanduwarsa kuma tana haɗa bota da ruwa su zauna wuri guda. Babu madadi ɗaya da ke yin waɗannan duka, shi ya sa kowanne yakan bar alamarsa.

Kindirmo

Wannan ne ya fi dacewa da kek ɗin bota, kuma shi ya fi sauƙin samu, tunda matan Fulani na shigowa da shi gari kullum. Ma'auninsa rubu'in kofi, wajen mililita 60, a madadin ƙwai ɗaya. Kindirmo ake nufi, mai kauri da maiƙonsa. Nonon da aka kaɗe aka cire mansa ruwa ya yi masa yawa, kuma wani lokaci an riga an sirka shi.

A ɗauki kek mai fulawa kofi 2, sukari kofi 1, bota rabin kofi, madara rabin kofi, bekin foda ƙaramin cokali 2 da ƙwai 2. Sai a cire ƙwan, a sa kindirmo rabin kofi, a tankaɗe bekin soda rabin ƙaramin cokali cikin fulawar. Sodar ce ke haɗuwa da tsamin kindirmon ta ba da iskar da ke ɗaga kek, ta kuma kashe tsamin. Haɗuwar tana farawa ne tun a cikin kwano, don haka a zafafa murhu tukuna, ko obin ne a digiri 175 ko tukunya mai yashi a kan gawayi, a zuba kwaɓin nan take.

Kek ɗin yakan fito da laushi da danshi, amma cikinsa fari-fari ne saboda babu kwanduwa, kuma ba ya tashi kamar na ƙwai. Yana da saurin marmashewa da zafinsa, sai ya huce sarai ake juye shi daga gwangwani. In ya kumbura a wuta sannan tsakiyarsa ta lotsa, ko bakin mai ci ya ji ɗanɗanon sabulu, soda ta yi yawa. In kuwa aka yanka aka ga wani layi mai danƙo a ƙasa, ruwa ne ya yi yawa, galibi daga kindirmon da bai da kauri. A rage madarar a gaba. Wasu kan so su sa ruwan kanwa a gurbin soda, amma ƙarfin kanwa ba ɗaya ba ne, ba ta da ma'aunin da za a dogara da shi.

Ayaba

Rabin ayaba nunanniya wadda ɓawonta ya fara baƙi, a dame ta, tana tsaya wa ƙwai ɗaya. Tana riƙe kek fiye da kindirmo, sai dai tana ƙara nauyi da zaƙi, kuma ƙamshinta ba ya ɓuya. A rage sukari kaɗan. Bayan kek ɗin na saurin yin duhu tun ciki bai gasu ba, don haka a caka tsinken sakace a tsakiya maimakon a yarda da kala.

Binega da soda

Babban cokali 1 na binega, ko ruwan lemon tsami, da ƙaramin cokali 1 na soda sun isa kek guda gaba ɗaya, ba a ninka su bisa yawan ƙwai. Aikinsu tashi ne kawai, sai an ƙara ruwa ko madara don cike danshin da aka rasa. Hanyar ta fi kyau a kek ɗin cakulan da ake yi da man gyaɗa, irin wanda ya yaɗu a Amurka a shekarun ƙarancin ƙwai da bota, domin koko na rufe sauran ɗanɗanon.

Iyaka

Duk waɗannan suna aiki ne a kek mai ƙwai ɗaya ko biyu, in an matsa uku. Kek mai soso, wanda ake buga ƙwai biyar ko shida har su yi kumfa, jikinsa duka ƙwai ne, kindirmo da ayaba ba za su tayar da shi ba. Haka ma babban kek ɗin biki mai hawa-hawa: marar ƙwai ba ya ɗaukar nauyin na samansa, yakan tsage. Ƙananan gwangwanaye sun fi rufa masa asiri, tunda wuta na kai wa tsakiya da wuri. Mai ayaba ko kindirmo kuma, saboda danshinsa, yana saurin yin fumfuna da damina in ba a firji yake ba.