Kwanan wata a kan cek da yarjejeniya: abin da dokar Najeriya ta tanada

A Kantin Kwari da sauran manyan kasuwanni, ba sabon abu ba ne dila ya ba ɗan kasuwa kaya bashi, shi kuma ya rubuta masa cek mai ɗauke da kwanan watan da bai zo ba tukuna. Mutane da dama suna riƙe irin wannan takarda a matsayin kuɗi a hannu, wasu kuma suna ganin ba ta da amfani ko kaɗan tun da banki ba zai biya a yau ba. Duka ɓangarorin biyu sun yi kuskure, kuma kuskuren yana fitowa ne daga rashin sanin aikin da kwanan wata yake yi a kan takardar.

Dokar da ta shafi cek a Najeriya ita ce dokar takardun umarnin biyan kuɗi ta 1917, wadda aka kwaikwayo daga dokar Birtaniya ta 1882. Sashe na 13 ya bayyana cewa takarda ba ta lalacewa don kawai an sa mata kwanan watan baya, ko na gaba, ko kuma ranar ta faɗo a Lahadi. Saboda haka cek mai kwanan watan gaba halastacce ne, sai dai umarnin da ke cikinsa ba ya fara aiki sai ranar da aka rubuta ta zo.

A ɗauka cewa ranar 10 ga Maris 2025 wani ɗan kasuwa ya karɓi atamfofi na naira miliyan 3, ya ba dilan cek mai kwanan watan 4 ga Yuni 2025. Idan dilan ya kai cek ɗin banki a watan Afrilu, abin da ya kamata ma'aikacin banki ya yi shi ne ya mayar masa, domin mai asusun bai ba da izinin taɓa kuɗinsa kafin 4 ga Yuni ba. Bankin da ya yi sakaci ya biya kafin lokaci ya saɓa wa umarnin mai asusu, kuma idan mai asusun ya dakatar da cek ɗin kafin ranar ta zo, bankin ba shi da hurumin cire kuɗin daga asusunsa.

Wannan damar dakatarwa ita ce raunin da dilan ya kamata ya sani. Tsakanin Maris da Yuni, banki bai ware masa ko kwabo ba, hasali ma bankin bai san da cek ɗin ba. Mai asusun zai iya kwashe kuɗinsa, zai iya umartar banki da kada ya biya, kuma idan Allah ya yi masa rasuwa labari ya kai ga banki, izinin biya ya ƙare, sai dilan ya bi bashinsa a wurin masu rabon gado. Abin da yake hannun dilan alkawari ne a rubuce da kuma hujja mai ƙarfi a gaban alƙali cewa ana bin bashi, amma bai kai matsayin jingina ba.

Daga ranar da ke kan cek ɗin ake fara ƙirga wa'adi biyu, kuma a nan ne mutane suka fi yin asara. Na farko al'adar bankuna ce: cek ɗin da ya wuce wata 6 daga kwanan watansa ya tsufa, ba za a biya ba sai an sabunta shi. Na biyu ya fito daga dokar 1977 da ta mai da bayar da cek maras kuɗi laifi. A ƙarƙashinta, wanda ya karɓi kaya ko bashi ta hanyar cek, aka kai cek ɗin banki cikin wata 3 daga kwanan watansa, ya dawo saboda babu isassun kuɗi a asusun, zai iya fuskantar ɗaurin shekara 2 ba tare da zaɓin tara ba, sai fa idan ya tabbatar wa kotu cewa lokacin da ya rubuta yana da ƙwaƙƙwaran dalilin gaskata cewa za a biya. A misalinmu, idan ɗan kasuwar ya yi ta ba dilan haƙuri yana cewa a ƙara masa lokaci, dilan ya ji kunyarsa ya riƙe cek ɗin har watan Oktoba, banki zai iya karɓa tun da wata 6 bai cika ba, amma idan cek ɗin ya dawo, ƙofar waccan dokar ta rufe tun farkon Satumba, sai ƙarar neman biyan bashi kawai ta rage. A ganina, dilan da zai ɗaga ƙafa ya fi dacewa ya karɓi sabon cek da sabon kwanan wata.

Game da rubuta kwanan wata da kalmomi kuwa, akwai ruɗanin da ya kamata a warware. Sashe na 9 na dokar 1917 ya ce idan adadin kuɗin da aka rubuta da kalmomi ya saɓa da na lambobi, na kalmomi ake bi. Wannan ƙa'ida ta adadin kuɗi ce, dokar ba ta wajabta rubuta kwanan wata da kalmomi a kan cek ba. Cek ɗin da bankuna suke bugawa yanzu yana da ƙananan gidaje na lambobi, rana da farko, sai wata, sai shekara, kuma abin da ake buƙata shi ne a cike kowane gida, a rubuta 04 maimakon 4 kaɗai, don kada wani ya sami gurbin ƙara lamba. Doka ta ɗauki sauya kwanan wata a matsayin babban sauyi da zai iya ɓata cek idan an yi shi ba da yardar mai asusu ba, shi ya sa bankuna suke ƙin cek ɗin da aka kankare ko aka yi wa gyara babu sa hannun mai shi.

A yarjejeniya ne kalmomi suke da babban amfani. Rubutun 04/06/2025 a Najeriya yana nufin 4 ga Yuni, amma ga ɗan Amurka yana nufin 6 ga Afrilu, kuma wannan bambancin kusan wata biyu ne a kan ranar isar da kaya ko ranar cikar haya. Haka nan alƙalami ɗaya ya isa ya mai da 03 ya zama 08, ko 1 ya zama 11, alhali mai son mai da Maris ya koma Agusta sai ya goge kalma sukutum, abin da ido zai gani. Saboda haka lauyoyi suke rubuta "ranar huɗu ga watan Yuni na shekarar dubu biyu da ashirin da biyar", wasu su biyo da lambobi. Wanda ya haɗa biyun ya tabbatar sun dace, domin idan suka saɓa, kotu takan karkata ga kalmomi, sai dai idan sauran sassan takardar sun nuna a fili cewa lambobin ne suka dace da nufin masu yarjejeniyar.

Rubuta sunan wata bai wadatar ba idan ranar kanta ba tsayayyiya ba ce. Jimla irin "bayan Babbar Sallah" ko "ƙarshen damina" tana buɗe ƙofar gardama, kuma ko da an yi amfani da watan Musulunci, tun da kamawarsa ta dogara ga ganin jinjirin wata, gara a ajiye ranar Miladiyya a gefe a kuma faɗi wadda za a bi idan suka saɓa. A kuma bambanta ranar sa hannu da ranar da yarjejeniyar za ta fara aiki: idan an sa hannu 10 ga Maris amma haya za ta fara 1 ga Afrilu, a rubuta kowace a sakin layinta, maimakon a sa wa takardar kwanan watan da ba shi ne na ranar sa hannu ba.